Wane Suna Ya Dace da Shirin Fodkas na Masu Albashi?

Duk wanda ya tashi da rediyo a gida ya san yadda Hausawa suke raɗa wa shiri suna. Akan ɗauko rabin karin magana, a bar wa mai sauraro ya ƙarasa da kansa. BBC Hausa tana da Ra'ayi Riga da Gane Mini Hanya, Freedom Radio ta Kano tana da Inda Ranka da Kowane Gauta, sashen Hausa na RFI kuma ya sa wa shirinsa na tattalin arziki Kasuwa A Kai Miki Dole. Sunaye ne masu daɗin faɗa, kuma da wuya a manta da su. Sai dai yawancinsu ba sa gaya maka abin da shirin ya ƙunsa, ba su ma da buƙatar yin haka. Rediyo ita ke iske mutum har ɗaki. Tasha tana buɗe, lokacin shirin sananne ne, mai gabatarwa kuma zai yi bayani da bakinsa kafin a yi nisa.

Fodkas ba haka yake ba. Shiri ne na sauti da ake ɗorawa a intanet, mutum ya saurara a wayarsa sa'ad da ya ga dama, ta Spotify ko Apple Podcasts ko YouTube. Babu tashar da za ta tura shi kunnen kowa, babu kuma ƙarfe kaza da ake jira. Hanya biyu ce mafi yawan masu sauraro suke bi su iso gare shi: ko dai wani ya faɗa musu sunan, ko kuma su rubuta wata kalma a akwatin bincike sunan ya fito. Duk hanyoyin biyu ta kan suna suke bi. Idan kuma shirin na maganar kuɗi ne, wanda aka nufa da matasan da suka fara karɓar albashi, to akwai wani nauyi na uku a kan sunan, wato ya sa a yarda da mai maganar tun kafin ya buɗe baki.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. A ce wasu matasa biyu, mace da namiji, ɗaya akawu ce a wani kamfani, ɗayan malamin makaranta, suna son fara shirin minti 20 duk mako da Hausa, a kan yadda mai albashi zai tafiyar da kuɗinsa. Sun sayi makirfo, sun tsara batutuwa. Suna ne ya rage.

A fara da mai sauraro da aljihunsa

Kuskuren farko shi ne a zauna a yi ta jero kalmomi masu daɗi ba a san da wa ake magana ba. Kafin a rubuta suna ko ɗaya, ya kamata a zana mai sauraron a takarda har da lissafin watansa.

Nasu mai sauraron ɗan shekara 24 zuwa 32 ne, aikinsa na farko ko na biyu ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, shi kuma a ce yana ɗaukar 150,000 a takarda. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangarensa, ga haraji, don haka a ƙaddara 130,000 ne suke shiga asusunsa. Kuɗin mota naira 1,500 a rana, kwana 22 na aiki, 33,000 ke nan. Zubin adashi 20,000. Abin da yake tura wa iyaye 20,000. Abinci 45,000, data da katin waya 7,000. An tashi 125,000, saura 5,000, ba a yi maganar haya ba, ba a yi ta asibiti ba, ba a yi ta ankon bikin aboki ba.

Yanzu a tambayi kai: mutumin da wannan ne lissafinsa, wane suna ne zai tsayar da shi? Sirrin Zama Miloniya ba da shi yake magana ba, domin damuwarsa ba miliyan ba ce, yadda 5,000 za ta kai shi ranar 28 ga wata ce. Ilimin Tattalin Arziki kuma ya yi kama da darasin aji, wanda ya baro da murna. Abin da zai tsayar da shi shi ne ya ji maganar da shi kansa yake yi. Saboda haka aikin farko na matasan nan shi ne su yi kwana kaɗan suna kasa kunne a ofis, a ɗakin malamai, a cikin a-daidaita-sahu, suna rubuta abin da masu albashi suke faɗa a zahiri: «alat ya shigo?», «an yi albashi?», «wata ya yi nisa», «sai ƙarshen wata», «kwasata ce wannan watan». Daga irin wannan jeri ake samun sunan da mai sauraro zai ji kamar shi ya raɗa.

Haka shafin Zikoko na Legas ya yi da jerin hirarrakinsa na Naira Life, wanda ya fara a 2019, inda mutane suke faɗin abin da suke samu da yadda suke kashe shi ba tare da an bayyana sunansu ba. Kalma biyu ne kawai, kuɗin da ke aljihun mai karatu da kuma rayuwarsa, babu alkawarin komai.

Sunan da ke kama da na 'yan damfara

A jerin farko na matasan akwai sunaye guda bakwai: Sirrin Arziki, Riba Kullum, Kuɗinka a Hannunka, Adashi, Kafin Albashi, Albashi da Bashi, da Wata Ya Yi Nisa. Tankaɗe na farko na amana ne, kuma nan take ya zubar da biyu.

Dalili kuwa, kunnen mutane ya riga ya sha wuya. A watan Disamban 2016 MMM, wadda ta yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Najeriya. A watan Afrilun 2025 CBEX ta rushe da kuɗin jama'a. Tsakanin waɗannan biyun an ga ire-irensu bila adadin, kuma duk harshensu ɗaya: sirri, ninki, riba ba asara, arziki cikin sauƙi. Sunan da ya ari wannan harshe yana jawo illa biyu. Mai hankali zai gan shi ya wuce, ya ɗauka wata sabuwar damfarar ce. Wanda kuma zai tsaya shi ne mai neman a ninka masa kuɗi, kuma da ya ji kashi na farko ana maganar rubuta abin da aka kashe a littafi zai tafi ba zai dawo ba. Sirrin Arziki ya faɗi a nan.

Riba Kullum ya faɗi sau biyu. Ban da alkawarin da ba mai iya cikawa, a rubuce babu bambanci tsakanin ribar ciniki da riba ta kuɗin ruwa wadda addini ya haramta. A baki karin sauti yana raba su, amma a fuskar waya harufa huɗu ne iri ɗaya. Ga masu sauraron da da yawansu suka buɗe asusu a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka ma kalmar halal. Duk wanda ya sa ta a sunan shiri ya ɗauki alkawarin cewa kowace shawara da zai bayar ta bi ta hannun masanin fiƙihun ciniki. In ba shi da wannan tanadin, gara ya bar ta a sunan wani kashi guda da ya gayyato malami.

Akwai kuma sunan da ba na damfara ba ne amma yana sa a ɗauki shirin a matsayin abin da ba shi ba. Adashi suna ne gajere mai kyau, amma wanda ya gan shi a Instagram zai zaci ƙungiya ce mai karɓar zubi, kuma ba za a daɗe ba saƙonni za su fara shigowa ana tambayar nawa ake zubawa a mako. Kafin Albashi shi ma haka: ya yi kama da manhajojin nan masu ba da rance a biya in an yi albashi, waɗanda mutane da yawa suka sani da kiran 'yan uwan mai bashi suna tozarta shi. Shirin da yake son ya gargaɗi matasa game da su bai kamata ya sa rigarsu ba.

Kunne ya ji, yatsa ya rubuta

Saura uku: Kuɗinka a Hannunka, Albashi da Bashi, Wata Ya Yi Nisa. Tankaɗe na biyu shi ne tafiyar da suna yake yi daga bakin wani zuwa kunnen wani, daga nan zuwa yatsan da zai rubuta shi.

Wasu Amurkawa biyu, Joel da Matt, sun fara shirinsu na kuɗi da sunan Pour Not Poor, saboda suna shan giya suna hirar. Wasa ne da kalmomi biyu na Turanci masu kusan sauti ɗaya, ɗaya zubawa ɗaya talauci. A ido yana ba da dariya, amma wanda ya ji shi a baki ba zai san wacce zai fara rubutawa ba, kuma babu kalmar kuɗi a ciki. Daga baya suka mayar da shi How to Money, wanda ko yaro ya ji zai rubuta daidai.

A Hausa wannan matsalar tana da nata salon, kuma babbarta ita ce harufa masu lanƙwasa. Kalmar kuɗi da ɗ ake rubuta ta, amma yawancin masu waya d suke dannawa, ko da allon rubutunsu yana da Hausa. Ga na'ura kuwa ɗ da d harufa ne biyu mabambanta, kuma akwatunan bincike da yawa ba sa ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Wanda ya rubuta `kudi` yana iya rasa shirin da aka rubuta da `kuɗi`. Sannan sunan shafi a Instagram da X ba ya karɓar ɗ ko ƙ ko ɓ, ba ya karɓar alamar da ke cikin ma'aikaci ko 'yan. A Nijar ma ƴ ake rubutawa inda Najeriya take rubuta 'y. Wannan ba ya nufin a lalata ƙa'idar rubutu don a burge na'ura. Abin da yake nufi shi ne, idan sunaye biyu suka yi kunnen doki, wanda ba shi da lanƙwasa ya fi sauƙin samu. In kuwa dole sai da ita, a rubuta sunan daidai a kan shirin, sannan a saka ɗaya rubutun a cikin bayanin da ke ƙasa domin bincike ya kama duka biyu.

Kuɗinka a Hannunka yana da wata matsalar ma da ta fi wannan. Hausa ba ta barin ka yi magana da mutum ɗaya ba ka zaɓi jinsinsa ba. Da ka ce kuɗinka, ka juya wa ma'aikaciyar jinya da malamar makaranta da mai aiki a kantar banki baya, alhali ɗaya daga masu gabatar da shirin ma mace ce. Ana iya gyarawa da kuɗinmu ko kuɗinku, ko a koma bakin mai sauraro a ce albashina, wanda kowa zai iya faɗa. Amma da lanƙwasa da tsawo da wannan gyaran, sunan ya riga ya sha kaye.

Tsawo ma abin aunawa ne da ƙirga. X ba ya karɓar sunan shafi da ya wuce harufa 15, Instagram da YouTube suna kaiwa 30. Ga yadda ukun suke idan an haɗe su:

```
kudinkaahannunka   16
albashidabashi     14
watayayinisa       12
```

Na farko bai shiga ba, ga kuma a biyu a jere da kowa zai manta da ɗaya. Sai hoton shirin. Apple Podcasts tana neman hoto mai murabba'i daga 1400 zuwa 3000 a kowane gefe, amma a jerin sakamakon bincike ƙanƙancewa yake yi har bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Kalma biyu zuwa huɗu gajeru ne suke karantuwa a wannan girman. Hanyar gwadawa ita ce a rubuta sunan a kan hoton, a tura wa kai ta WhatsApp, a dube shi ba tare da an buɗe ba.

Suna linzami

Tankaɗe na uku na lokaci ne. Hausawa sun ce suna linzami, kuma a harkar fodkas maganar ta zauna daidai, domin inda suna ya nufa nan shirin yake bi, ko mai shi yana so ko ba ya so.

Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta kanun kashi 30 a ƙarƙashin kowane suna, a ga guda nawa suka zauna ba tare da an tilasta musu ba. Karanta takardar albashi, bin diddigin asusun fansho, tara kuɗin haya, lefe da kayan ɗaki, yadda ake ce wa ɗan uwa babu ba tare da zumunci ya ɓaci ba, sana'ar gefe, sayen fili, sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017. Albashi da Bashi yana da amo mai daɗi, kuma yana ɗauke da kalmar da mutane za su nema. Amma ya fi dacewa da kashin da suka shafi rance, kuma da an zo maganar tanadi da jari sai ya fara matsewa. Kamfanin ajiya na Piggybank.ng ya gamu da irin wannan. Sunansa na asusun tara kuɗi ne, da ya ƙara harkar zuba jari sai ya koma PiggyVest a 2019.

Akwai kuma kunya. Fodkas na Hausa ta hanyar turawa yake yaɗuwa, daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan. Matashin da ke neman aure zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗora wani abu mai suna bashi inda surukai da abokan aiki za su gani. Wata Ya Yi Nisa kuwa magana ce da har manaja yake faɗa yana dariya. Tana nuna halin da ake ciki ba tare da ta tona asirin kowa ba.

Wasu abubuwa uku sukan tsufar da suna, kuma ya kamata a kauce musu. Na farko adadi. Shirin da aka raɗa wa suna da 30,000, mafi ƙarancin albashin 2019, ya zama tarihi cikin shekara biyar. Na biyu sunan kuɗin ƙasa. Naira tana tsayar da shiri a iyakar Najeriya, alhali ma'aikaci a Maraɗi ko Damagaram da sefa ake biyansa, yana ƙirga ta da dala da jikka, na Kumasi kuma da sidi. In shirin na Najeriya ne kawai, saboda dokokin fansho da haraji na kowace ƙasa daban suke, to naira a suna gaskiya ce ba laifi ba. In ana son a ƙetare iyaka, albashi da wata kowa yana da su. Na uku sunan mai gabatarwa. Dave Ramsey ya fara shirinsa a rediyo a birnin Nashville a 1992 da sunan The Money Game, ya koma The Dave Ramsey Show bayan ya yi suna, daga baya kuma aka taƙaita shi zuwa The Ramsey Show yayin da wasu masu gabatarwa suka shigo. Darasin shi ne sunan mutum yana jawo jama'a ne bayan an san shi, kuma yana zama cikas ran da aka so wani ya karɓa. Ga matasa biyu da ba wanda ya san su tukuna, ba shi da amfani, kuma ran da ɗaya ya sami canjin wurin aiki sai an sake lale.

Gwajin mutum goma

Wata Ya Yi Nisa ne ya rage, amma shi ma ba lafiyayye ba ne sarai. Bai ambaci kuɗi ba, don haka wani zai iya ɗauka shirin azumi ne ko na duban wata. Sannan mutane da yawa «yayi» suke rubutawa a haɗe, ba «ya yi» ba. Kafin a yanke hukunci sai an gwada shi a kan mutane, kuma ba 'yan uwa da aminai ba, waɗanda komai ka kawo za su ce ya yi.

A nemi masu albashi goma, maza da mata, daga wuraren aiki daban-daban. A tura wa kowa saƙon murya a faɗi sunan sau ɗaya tak, ba a rubuta ba, ba a yi bayani ba. Washegari a yi musu tambaya uku: mene ne sunan, me kake tsammanin ake tattaunawa a shirin, sannan rubuto mini shi yadda za ka neme shi. Kada a tambaye su ko sunan ya yi musu daɗi, domin amsar kara ce za ta fito. Idan bakwai ko takwas suka tuna shi, kunne ya karɓa. Idan fiye da uku suka kasa gane maganar kuɗi ce, sunan yana buƙatar mataimaki. Rubutun da suka turo kuma shi ne jerin kalmomin da za a saka a bayanin shirin.

Mataimakin shi ne ɗan taƙaitaccen bayani da ke bin suna: Wata Ya Yi Nisa: hirar albashi da tanadi. Rabin farko na kunne ne da zuciya, rabi na biyu na akwatin bincike. Amma a tsaya a nan. Apple tana iya ƙin karɓar shirin da aka cusa wa jerin kalmomin bincike a take ko a gurbin sunan mai shiri, don haka kada a jera kuɗi, jari, fansho, adashi, arziki duk a layi ɗaya. Wurinsu kanun kowane kashi ne da bayaninsa. A kuma tabbata an zaɓi Hausa a gurbin harshe lokacin ɗora shirin, wadda lambarta `ha` ce.

Ko wani ya riga ka?

Sunan da ya tsallake duk wannan yana iya zama na wani. Binciken ba ya cin awa biyu, kuma kafin a biya mai zane ake yin sa. A rubuta sunan a Spotify, Apple Podcasts, YouTube, Facebook, TikTok da Audiomack, da kowane irin rubutu da mutum goman nan suka turo. A tambayi masu sauraron rediyo ko akwai shiri mai wannan suna a tashoshin jiha, domin da yawa ba sa fitowa a intanet. Manhajojin fodkas ba sa hana shiri biyu ɗaukar suna ɗaya, saboda haka karɓar da suka yi maka ba hujja ba ce cewa naka ne. In ka tarar da wani mai rai yana amfani da shi a fagen kuɗi ko kusa da shi, haƙura ya fi, ko da ka fi shi iyawa, domin duk tallan da ka yi rabinsa shi za ka yi wa.

A ɓangaren doka, abubuwa biyu ne mutane suke haɗawa alhali daban suke. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana ba ka damar buɗe asusun banki da sunan da karɓar kuɗin talla, amma ba ita ce ke mallaka maka sunan a matsayin tambari ba. Wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya. Shirye-shiryen ilimantarwa da nishaɗi a rukuni na 41 suke, kuma rajistar farko shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A Nijar da Kamaru da Chadi kuwa hukumar OAPI ce mai hedkwata a Yawunde take yi, rajista ɗaya ta shafi ƙasashe 17 na tsawon shekara 10. Najeriya ba ta cikinsu, don haka rajistar Abuja ba ta kare ka a Yamai.

Akwai kuma kalmomin da doka ta sa wa ido, kuma shirin kuɗi ya fi kowane kusa da su. Dokar bankuna ta hana wanda ba shi da lasisi ya sa kalmar banki a sunan kasuwancinsa ba da izini ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai da amincewar CAC kafin a yi amfani da kalmomi irin su `Federal`, `National` ko `Cooperative`. Ba da shawarar zuba jari a matsayin sana'a kuma yana buƙatar rajista da hukumar SEC, saboda haka suna irin Mashawarcin Jari yana ɗora wa mai shi da'awar da ba shi da takardarta. Akawu da malamin makaranta da suke hira a kan albashi ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi.

Idan aka yi kuskure fa?

Canja suna yana yiwuwa. A na'ura abu ne na minti kaɗan: a gyara take a wurin da aka ɗora shirin, manhajoji su ɗauko sabon, waɗanda suka riga suka bi shirin kuma suna nan ba su ɓace ba, matuƙar ba a taɓa adireshin da shirin yake fita ta cikinsa ba. Asarar tana wajen mutane ne. Tsofaffin kashi suna nan ana faɗin tsohon suna a farkonsu, hotunan da aka yaɗa suna yawo, wanda kuma aboki ya faɗa wa sunan wata uku da suka wuce zai nema ya rasa. Kowane sabon kashi yana ƙara wa canjin tsada.

Alamomin da ke nuna suna bai zauna ba a bayyane suke. Duk sanda ka faɗe shi sai an ce ka maimaita. Kullum sai ka bi shi da bayanin cewa ba abin da ake zato ba ne. Saƙonnin da ke shigowa na masu neman rance ne ko masu tambayar inda za su zuba kuɗi a ninka musu. Baƙon da ka gayyata, a ce jami'in kamfanin fansho, ya ji sunan ya fara kame-kame. Idan biyu daga cikin waɗannan suka bayyana a kashi goman farko, a canja tun da wuri, a yi wata guda ana faɗin tsoho da sabo tare, a bar tsohon a cikin bayanin shirin domin masu nema.

Dabarar da ta fi rage wannan wahalar ita ce a ɗauki kashi uku na farko ba tare da an ambaci suna a ciki ba, a bar gabatarwar daban a liƙa ta daga baya. Sau da yawa sai an saurari hirar ake gane ainihin abin da shirin yake, kuma wani lokaci sunan yana fitowa ne daga bakin ɗaya daga masu hirar ba da niyya ba. A ba wa aikin duka mako biyu: kwana huɗu na sauraro da tara sunaye, kwana uku na tankaɗe, kwana uku na gwajin mutum goma, sauran na bincike da kama sunan shafi a duk dandalin da za a yi amfani da shi a rana ɗaya. Bayan nan a rufe maganar suna, a koma kan takardar albashi da lissafin haya, domin su ne za su sa wanda ya danna kashi na farko ya dawo ya nemi na biyu.